"Salam Mushe" kaɗai na aika, har muka fito jarrabawa ban sami amsa ba

*Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗalibar Tarminal D ce a nan Damagaram. Daren da za mu yi lissafi a bak bulan, wani egzarsis na ln ya tsaya mini: amsa biyu nake samu, korije kuma ɗaya ya bayar. Wajen ƙarfe goma na rubuta wa Mushenmu bayani, sai kunya ta kama ni na goge, na aika "Salam Mushe" kawai, ina jira ya amsa in faɗi abin da ke tafe da ni. Sai washegari da azahar ya rubuto: "Wa alaikumus salam, wace ce?" Lokacin mun riga mun fito, irin tambayar kuma ta zo, na rasa makinta. Yanzu na gane saƙona babu komai a cikinsa. Amma ba rashin ladabi ba ne a faɗa wa babba da tambaya tun bai amsa gaisuwa ba? Yaya zan riƙa yi kafin bak na gaske?*

Wa alaikumus salam, ɗiyarmu. Allah ya ba da sa'a a wadda ke tafe.

Tarbiyyar da aka ba ki a gida daidai take, kada ki yar da ita. In kin je ƙofar gidan malami a Birni ko a Zango, sallama za ki yi ki tsaya a zaure, sai an amsa an gaisa kafin ki faɗi abin da ya kawo ki. Hakan yana yiwuwa ne saboda mai gidan yana nan, amsarsa ba ta wuce ƙiftawar ido. A waya kuwa, tsakanin sallamarki da amsarta ana iya samun dare guda. Mushe ya kwanta bayan isha'i, ko wayarsa ba caji, ko forfensa ya ƙare, ko rezo ya ƙi, ko kuma da safe yana cikin masu tsaron jarrabawar da kike rubutawa. Saboda haka ladabin waya shi ne a haɗa gaisuwa da buƙata cikin saƙo guda, domin duk lokacin da babba ya buɗe, ya tarar da abin da zai amsa, ba sai ya yi ta bin ki da tambayoyi ba. Babu malamin da zai ga gaisuwa a layin farko, tambaya a layi na biyu, ya ce an raina shi.

Mu lissafa abin da hanyarki za ta ci ko da ya amsa a daren. Kin ce salam, ya ce wace ce. Kin faɗi suna, ya ce me ya faru. Kin ce egzarsis ne na ln, ya ce wanne. Kin turo hoto, ya ce to ina naki aikin. Zuwa da dawowa huɗu ke nan kafin a taɓa lissafin kansa. In kowace amsa ta ɗauki rabin awa, kun kai sha biyun dare ba a fara ba. Ki tuna kuma lambarki ba ta cikin wayarsa. Malamin da ke riƙe da aji uku ko huɗu, a daren jarrabawa, yana iya tarar da sallama da yawa daga lambobin da bai sani ba. Wadda zai fara buɗewa ita ce wadda ya ga alamar tambaya a cikinta tun daga waje, domin WhatsApp yana nuna farkon saƙo kafin a shiga.

Yanzu ga abin da ya fi mana muhimmanci: bayanin da kika rubuta kika goge, shi ne ainihin saƙon. Mun san dalilin kunyar. Ɗalibi yana ganin in ya nuna aikinsa mai kuskure, malami zai ce ashe wannan bai iya ba. A wajen mai koyarwa abin ba haka yake ba. Aiki mai kuskure shi ne ke nuna masa layin da ƙafa ta zame, kuma gyaran layi ɗaya minti biyu ne. "Ban gane ln ba" kuwa darasi ne na makonni, babu mai iya sake shi da babban yatsa a kan waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba ki kwafo mana egzarsis ɗin ba, wanda shi ma abin lura ne, amma siffar da kika bayar sananniya ce ga duk wanda ya koyar da Tarminal. Mu ɗauki ɗan'uwansa:

```
ln(x - 1) + ln(x + 2) = ln 4
```

Yawancin ɗalibai suna farawa da haɗa logaritim biyun, tunda an koya musu cewa ln a + ln b = ln(ab). Sai su samu (x - 1)(x + 2) = 4. Su buɗe baka, su kawo 4 hagu, ya zama x² + x - 6 = 0. Delta ya fito 1 + 24 = 25, tushensa 5, amsoshi kuma x = 2 da x = -3. Duk wannan lissafin daidai ne, babu kuskuren alama ko ɗaya, shi ya sa ɗaliba za ta maimaita shi sau biyar tana samun abu guda, hankalinta yana ƙara tashi. Matsalar tana can sama, a layin da ba a rubuta ba. Ln ba ya karɓar sifili, ba ya karɓar abin da ke ƙasa da sifili. Don haka kafin a taɓa komai sai a rubuta sharaɗi: x - 1 > 0 kuma x + 2 > 0. Na farko yana nufin x > 1, na biyu x > -2, kuma dole su cika tare, saboda haka x > 1 ne ke aiki. Da wannan, 2 ya shiga, -3 ya fita. In kina son ki gani da idonki, mayar da -3 cikin tambayar ta asali: za ki tarar da ln(-4), abin da babu shi, na'urar lissafi ma ƙin sa za ta yi. Dokar haɗa logaritim ɗin kanta tana aiki ne kawai in a da b duk sun fi sifili, kuma wannan rabin jimlar ne ɗalibai ke bari a kaye.

To dubi yadda wannan ya shafi tambaya. A ce abin da ke takardar wannan ne:

```
ln[(x - 1)(x + 2)] = ln 4
```

Lambobi iri ɗaya, amma a nan sharaɗin shi ne sakamakon ninkawar ya fi sifili, wato x < -2 ko x > 1. Ki sa -3: (-4) sau (-1) ya ba da 4, ln 4 kuma yana nan lafiya. A wannan siffar amsa biyun duk karɓaɓɓu ne. Ke nan in kin rubuta wa Mushe "na samu 2 da -3, daidai ne?" ba tare da kin kwafo tambayar harafi da harafi ba, ba shi da hanyar ce miki e ko a'a. In ya yi hasashe ya ba ki amsar ɗaya siffar, kin shiga jarrabawa da kuskuren da kike ganin malami ne ya tabbatar miki da shi, wanda ya fi rashin amsa muni. Shi ya sa muke nace wa ɗalibai: kada ki taƙaita tambayar da bakinki, kada ki rubuto ta daga ka. Ki kwafe ta yadda take, da bakanta da komai, ko ki ɗauki hotonta.

Ga yadda saƙon daren nan ya kamata ya kasance, kuma irinsa za ki riƙa yi:

"Assalamu alaikum Mushe, ina wuni, ya aiki. Wance ce, Tarminal D2. Gobe ƙarfe takwas muke da lissafi a bak bulan. A egzarsis na 3, tambaya ta 2, na takardar da ka raba mana, an ce a warware ln(x - 1) + ln(x + 2) = ln 4. Na haɗa su na samu x² + x - 6 = 0, delta 25, x = 2 ko x = -3. Korije ya ce 2 kaɗai. Na sake lissafin delta, bai canza ba. Me ya sa aka fitar da -3? Ga hoton tambayar da na aikina. In ka samu dama kafin safe, na gode. Allah ya saka da alheri."

Karanta shi ba ya kai minti ɗaya. Gaisuwa tana nan a gaba, addu'a a baya, ladabi bai ragu ba. Suna da aji sun kashe "wace ce". Lokacin jarrabawar ya gaya masa ko abin na gaggawa ne. Jimlar "na sake lissafin delta" ta hana shi ɓata lokaci yana ce miki ki duba delta. Tambayar kuma guda ce, mai baki, wadda layi ɗaya zai amsa: "Ba ki rubuta sharaɗi ba, x > 1." Ko da asuba ya gani yana shirin fita, zai iya rubuta wannan a tsaye, ke kuma ki karanta kafin ki hau kabu-kabu.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Sau da yawa, a wajen rubuta jimlar "ga abin da na yi, ga inda muka rabu da korije" ne amsar ke bayyana. Wadda ta zauna ta rubuta "me ya sa aka fitar da -3" tana dab da cewa bari in mayar da shi cikin tambayar in gani. In hakan ta faru, ba ki yi asarar rubutun ba.

Sai dai a kula da wani tarko. Ɗalibin da aka ce masa "-3 ya fita" yakan tafi da dokar da ba a ba shi ba, wato duk amsar da ke da alamar ɗebewa a jefar da ita. Ba haka ba ne. Gwada wannan a kayenki yau:

```
ln(x + 5) + ln(x + 2) = ln 4
```

Sharaɗi x > -2. Bayan haɗawa za ki samu x² + 7x + 6 = 0, delta 25, amsoshi -1 da -6. A nan -6 ya fita, amma -1 ya zauna, domin ya fi -2, kuma in kin mayar da shi za ki ga ln 4 + ln 1, wanda shi ne ln 4. Saboda haka in amsar malami ta iso, kada ki tsaya a "na gode Mushe". Rufe wayar, sake egzarsis ɗin daga farko a farar takarda, sannan ki yi wani mai kama da shi. In sun fita, ki rubuta masa jimla ɗaya: "Na gane, sharaɗin ne ban sa ba, na gwada a wani ya yi." Malamin da ya ga haka ya san amsarsa ta yi aiki, kuma lambarki ta zama wadda zai riƙa buɗewa da wuri.

Maganar hoto tana buƙatar kulawa, domin nan ne cikakkiyar tambaya ke lalacewa ba da sanin mai ita ba. Shimfiɗa takardar a kan abu mai faɗi, kada ki riƙe ta a hannu ko a kan cinya. Wayar ta tsaya daidai saman takardar, ba a karkace ba. In dare ne kuma da tocila kike karatu, ki sa hasken ta gefe, domin in ya fito daga bayanki inuwar wayar za ta rufe tsakiyar shafin, filashin waya kuma yana wanke rubutu a kan farar takarda. Ki rubuta da bik mai baƙi ko shuɗi, rubutun fensir ɓacewa yake a hoto. Hoto biyu sun isa: ɗaya na tambayar tun daga umarnin da ke samanta, ɗaya na aikinki. Kafin ki aika, ki buɗe hoton ki faɗaɗa shi, ki nemi abu biyu da ido, alamar ɗebewa da ƙaramin 2 na saman x. Su ne ke fara ɓacewa, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi. In -3 ya koma 3 a idon malami, duk amsarsa ta tafi wani wuri. In rubutun ƙanana ne, ki danna HD kafin aikawa, ko ki tura hoton a matsayin fayil, sai dai ki sani hakan ya fi cin forfe.

In da hannu kike buga lissafin, baka ba ado ba ne. Wanda ya rubuta ln x - 1 ya ce a ɗauki ln na x sannan a ɗebe 1, wanda ya bambanta da ln(x - 1). Haka 1/x + 1 ba ɗaya yake da 1/(x + 1) ba. In wayarki ba ta da ƙaramin 2, rubuta x^2, kowane malamin lissafi zai gane. Kuma in kin aika kika hango kuskure, WhatsApp yana barin a gyara saƙo cikin minti 15 na farko. Ki gyara wancan, ya fi ki jera wasu uku a ƙasansa.

Saƙon murya kuwa, mun san ya fi sauƙi a baki, amma ga lissafi ba mu ba da shawararsa. Ba a jin baka a murya. Malami ba ya iya sauraronsa a cikin aji ko cikin mutane, kuma in yana son ya duba layi na uku sai ya sake jin duka. In lallai sai kin yi, ya zama rakiya ne ga hoto, kada ya wuce rabin minti. Kira da dare kuma ki bar shi, sai in shi ya ce a kira.

Dole mu faɗa miki wata gaskiya: ko cikakken saƙo, in ƙarfe goma na daren jarrabawa aka aika shi, yana iya kwana ba a buɗe ba, kuma ba laifin Mushe ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yau ki ware shafin ƙarshe na kayen lissafi, duk egzarsis ɗin da ya ƙi ki rubuta lambarsa da layin da kika tsaya. Ki ba kowanne minti ashirin na ƙoƙari na gaske, ki koma darasin ki duba misalin da aka yi a aji. In bai buɗe ba, ya shiga jerin. Sau biyu a mako ki ɗauki biyu ko uku mafi nauyi ki kai. In kina iya tarar malamin bayan darasi da kaye a buɗe, hakan ya fi waya nesa ba kusa ba, domin zai ɗora yatsa a kan layin. In waya ce, tsakanin la'asar da isha'i ya fi, kuma tambayar ƙarshe ta tafi aƙalla kwana biyu kafin jarrabawa, don a samu wurin "ban gane amsar ba, a ƙara mini". In tambayoyin sun fi ɗaya a saƙo, ki sa musu lamba 1, 2, 3, kada su wuce uku, in ba haka ba ta ƙarshe kaɗai za a amsa.

Kuma ba Mushe kaɗai ke da amsa ba. Saƙon da aka rubuta cikakke yana da amfanin cewa ana iya tura shi ko'ina yadda yake. Gurup ɗin ajinku, ƙawar da ta fi ki ƙarfi a wannan babin, yayan da ke karatun kimiyya a Jami'ar André Salifou, duk suna iya amsa tambayar sharaɗin ln. A gurup ma kada ki rubuta "akwai wanda ya iya ln?" ki tsaya. Babu mai son ya ce ni ne alhali bai ga abin da za a ɗora masa ba, sai kowa ya yi shiru. Ki sa tambayar kanta, wanda ya sani zai amsa. Sai dai amsar ɗalibi ɗan'uwanki, ki gwada ta da mayar da lambar cikin tambayar kafin ki yarda.

In kin aika ba a amsa ba, dubi alamar da ke gefen saƙon kafin ki sa wa ranki damuwa. Alama ɗaya tana nufin saƙon ya bar wayarki amma bai isa tasa ba. Biyu masu toka-toka, ya isa. Shuɗaye, an buɗe, ko da yake wasu suna kashe wannan alamar, don haka rashin shuɗi ba hujja ba ne. In kwana ya zagayo, tunatarwa ɗaya ta isa, a ƙarƙashin saƙon farko: "Mushe ina kwana, ina tuni a kan tambayar jiya." Kada ki jera alamun tambaya, kada ki goge ki sake turowa.

Tambaya ɗaya ce muke roƙonki kada ki yi ko da kin tsara ta da kyau: "Mushe, me zai fito?" A bak bulan tana sa shi cikin kunya in shi ya tsara jarrabawar, a bak na gaske kuma bai sani ba. Abin da ya halatta shi ne ki tambayi babukan da jarrabawar gwaji za ta taɓa, wannan kuma a aji ake tambayarsa kowa ya ji.

Saura "wace ce?" ɗin da ke zaune a wayarki. Muna zaton har yanzu ba ki amsa ba saboda nauyi. Ki amsa yau kafin isha'i. Ba sai kin yi dogon ban haƙuri ba, ba ki yi laifi ba. Ki gaishe shi, ki faɗi sunanki da ajinki, ki ce daren bak bulan kin so yin tambaya ba ki ƙarasa ba. Sai ki kwafo egzarsis ɗin naki na ainihi, ki rubuta sharaɗin da kike ganin ya dace da shi yanzu da amsar da ta rage bayan sharaɗin, ki tambaye shi ko haka ne. Ki roƙe shi kuma, ranar da za a mayar muku da takardun bak bulan, ya nuna miki maki nawa aka ware wa layin sharaɗi shi kaɗai, domin a irin wannan tambayar masu gyara sukan ba shi nasa makin daban da na delta da na amsar ƙarshe.